Shago Ya Yi Maka, To Takardar Fa?

Da sanyin safiyar wata Asabar cikin hunturu ƙanena ya shigo gidana riƙe da ambulan, fuskarsa cike da fara'a. Ya samu shago a wata sabuwar filaza a cikin Kano, a hawa na ƙasa, yana kallon titi. Shekara bakwai yana sayar da takalma da jakunkunan mata a teburi, yanzu Allah ya kawo lokacin da zai shiga inuwa. Dillali ya ce masa ranar Litinin za a biya kuɗi a sa hannu, in ba haka ba akwai wani mai kayan waya da ke jira.

"Yaya, duba min kawai zan ce ka yi," in ji shi. "Ai Alhajin mutumin kirki ne, kowa ya shaida."

Ban musa ba. Na daɗe ina ganin takardun haya suna wucewa ta hannuna a wurin aiki, kuma mafi yawan rigimar da na gani ba tsakanin mugu da nagari take ba. Tsakanin mutane biyu ne masu mutunci, kowa yana tuna abin da aka faɗa ta yadda ta fi masa daɗi, ga kuma takarda a tsakiya wadda lauyan ɗaya daga cikinsu ya rubuta. Wannan shi ne abu na farko da ya kamata ɗan haya ya sani. Lauyan da ya tsara yarjejeniyar na mai shago ne, ko da kuwa daga aljihunka kuɗin aikinsa ya fita, kamar yadda aka saba a wurare da yawa. Ba zai cuce ka da gangan ba, amma ba kai aka ɗauke shi ya tsare wa haƙƙi ba.

Takardar shafi shida ce, da Turanci. Ƙanena ya karanta shafin farko, inda sunansa yake da lambar shago da kuɗi: naira miliyan ɗaya da rabi a shekara, shekara biyu a dunƙule, miliyan uku ke nan. Ya kuma duba shafin ƙarshe, inda zai sa hannu. Shafuka huɗun da ke tsakani bai leƙa ba, alhali a nan kasuwancinsa yake kwance.

Na ce masa kafin mu karanta komai, ya faɗa min nawa zai kashe kafin ya sayar da takalmi ko ƙafa ɗaya. Muka zauna da biro. Haya miliyan uku. La'adar dillali da kuɗin lauya, kowanne kashi goma cikin ɗari na abin da aka biya, dubu ɗari shida. Kuɗin ajiya saboda ɓarna dubu ɗari da hamsin. Sai gyaran da zai yi da kansa: tayil, kantoci, gilashin gaba, ƙofar ƙarfe mai naɗewa, wayarin da fitilu, wajen miliyan biyu da dubu ɗari biyu. Jimla ta kusa miliyan shida. Daga ciki, wannan miliyan biyu da ɗoriya na gyara ba za su dawo cikin shekara biyu ba sai da ƙyar. Lissafinsa gaba ɗaya ya ginu ne a kan zai daɗe a wurin, mata su san inda yake, wadda ta saya ta turo ƙawarta. Abin da ɗan kasuwa ke saye da kuɗin haya ke nan, wato a san shi da wuri. Saboda haka tambayar da muka shiga takardar da ita ita ce: ranar da shekara biyu suka cika, me zai hana a ce masa ya tashi, ko a ninka masa kuɗi tunda an ga ya kafu?

Amsar tana shafi na huɗu, a sakin layin da ke magana a kan sabunta haya. Da ka karanta shi sama-sama za ka ji daɗi, domin ya ce ɗan haya yana da damar sabuntawa na ƙarin shekara uku. Amma jimlar tana da jela, kuma jelar kashi uku ce.

Na farko, sai ɗan haya ya sanar a rubuce, aƙalla wata uku kafin wa'adi ya ƙare. Hayar ƙanena za ta fara 1 ga Maris, ta ƙare ranar ƙarshe ta Fabrairu bayan shekara biyu. Ke nan dole wasiƙarsa ta isa hannun mai shago kafin Nuwamba ta ƙare. Kotuna suna ɗaukar irin wannan wa'adi da tsanani. Wanda ya makara da mako guda yana iya rasa damar ɗungurum. Mu kuwa yadda muka saba shi ne a haɗu da Alhaji bayan sallar Juma'a a ce, "Ranka ya daɗe, muna nan dai ko?" ya ce, "Haba, ai kai ɗan gida ne." Wannan magana tana da daɗin ji, amma ba sanarwa ba ce. In Alhaji ya rasu, Allah ya yi mana tsawon rai, ko ya sayar da ginin, magada ko sabon mai gida takarda za su duba. Shi ya sa na sa ƙanena ya rubuta ranar a wayarsa tun a lokacin, ya kuma ja ta baya zuwa farkon Nuwamba. Wasiƙar ma kwafi biyu za a yi, a kai adireshin da yarjejeniyar ta ambata, wanda ya karɓa ya sa hannu da kwanan wata a kan ɗaya, a dawo da ita gida a adana.

Na biyu, damar tana nan ne kawai in ɗan haya ya cika dukkan sharuɗɗan yarjejeniyar. Kalmar "dukkan" ita ce tarkon. Ka yi jinkirin biyan kuɗin shara na wata ɗaya, ko ka kafa allon talla ba da rubutaccen izini ba, sai a ɗauko shi bayan shekara biyu a ce ka karya sharaɗi, damarka ta faɗi. Abin da muka nema shi ne a taƙaita sharaɗin ya zama cewa babu bashin haya a kansa ranar da ya ba da sanarwa, kuma duk wani laifin da ake ganin ya yi, sai an rubuto masa an ba shi kwana talatin ya gyara.

Na uku shi ne mafi muni, kuma shi ya fi kama da mutunci. An rubuta cewa kuɗin sabon wa'adi zai zama "abin da ɓangarorin biyu suka amince a kai." Ƙanena ya ce ai wannan adalci ne, ba a ɗora wa kowa ba. Na tambaye shi, in Alhaji ya ce miliyan huɗu, kai ka ce biyu, wa zai raba ku? Ya yi shiru. A idon doka, alkawarin cewa nan gaba za a zauna a daidaita ba ya ɗaure kowa, domin alƙali ba zai ƙirƙiro wa mutane farashin da ba su yanka ba, matuƙar ba su ajiye hanyar da za a bi a gano shi ba. Damar sabuntawar da ba ta da kuɗi, ba ta kuma da hanyar fitar da kuɗi, suna ce kawai. Malamanmu na fiƙihu ma sun daɗe da shimfiɗa wannan a babin ijara: dole kuɗin haya ya zama sananne, wa'adi ma sananne, don a toshe ƙofar jayayya.

Akwai wata sabuntawar kuma da take zuwa ta bayan gida, ko da yake ba ta cikin takardar ƙanena. Wasu yarjejeniyoyin suna cewa in ɗan haya bai rubuto cewa zai tashi ba kafin lokaci kaza, hayar ta sabunta kanta na wani wa'adin irin na farko. Mutum kasuwa ta juya masa baya, ya kwashe kayansa ya miƙa mukulli, sai ga wasiƙar lauya ana bin sa kuɗin shekara biyu. Duk inda ka ga an ce haya za ta ci gaba da kanta, nemi ranar da ƙofar fita take rufewa.

Mutane da yawa suna dogara da maganar nan ta "ai sai an ba ni notis na wata shida." Gaskiya ne, amma ba ga kowa ba. Dokar karɓar gida daga ɗan haya da ake aiki da ita a Abuja, da Dokar Haya ta Jihar Legas ta 2011, sun tanadi notis na wata shida ga mai hayar shekara-shekara, wata guda ga mai hayar wata-wata, kuma dokokin jihohi da dama a kan wannan layin suke. Sai dai wannan yana aiki ne in yarjejeniya ba ta faɗi wani abu daban ba. In ka sa hannu a kan notis na wata ɗaya, wata ɗayan ne naka. Sannan hayar da aka yanka mata ranar farawa da ranar ƙarewa, irin ta ƙanena, tana mutuwa da kanta ranar da wa'adi ya cika. Abin da ya rage wa mai shago shi ne notis na kwana bakwai cewa zai je kotu ya karɓi wurinsa, kuma duk kwanakin da ka ƙara a ciki za a lissafa maka kuɗinsu. Ba shi da ikon sa maka kwaɗo ko yaye maka kwano da kansa, wannan haka yake. Amma kasuwancin da ake yi ana zaryar kotu ai ya riga ya fara mutuwa.

Daga nan muka juya shafi na uku, inda aka ɓoye ƙarin haya. Ba a ba shi kanun kansa ba. Yana cikin jerin haƙƙoƙin mai shago, tsakanin maganar shiga duba wuri da maganar fenti. Ya ce mai shago yana da ikon sake duba kuɗin haya "lokaci zuwa lokaci, bisa yanayin kasuwa." Ba a faɗi wane lokaci ba, ba a faɗi wa zai auna yanayin kasuwar ba, ba a kuma ce shekara biyun da aka biya sun tsira ba.

A nan ya kamata a yi wa masu shaguna adalci. Tun da aka cire tallafin man fetur a watan Mayun 2023, aka kuma saki naira ta nemi darajarta a kasuwa, hauhawar farashi ta haura kashi talatin cikin ɗari a 2024. Wanda ya ba da shagonsa shekara biyar a farashi ɗaya kafin wannan lokaci ya ji a jikinsa. Babu mai gini mai hankali da zai yarda ya ɗaure kansa haka yanzu, kuma ɗan hayan da ya tafi da niyyar a soke ƙari gaba ɗaya zai dawo hannu rabbana. Abin nema shi ne a san yaushe, a san nawa.

Dillali ya riga ya faɗa wa ƙanena da baki cewa ƙarin ba zai wuce kashi ashirin cikin ɗari ba. Na ce to madalla, kashi ashirin na me? Wannan jimla guda tana da fassara uku, kuma kowacce da kuɗinta. In sau ɗaya za a ƙara ranar sabuntawa, haya ta zama miliyan ɗaya da dubu ɗari takwas, a tsaya a nan shekara uku, jimla 5,400,000. In kowace shekara za a ƙara kashi ashirin na kuɗin asali, wato dubu ɗari uku-uku, za a biya 1,800,000, sai 2,100,000, sai 2,400,000, jimla 6,300,000. In kuwa kowace shekara a kan kuɗin bara za a ɗora, ƙari yana hawa kan ƙari, za a biya 1,800,000, sai 2,160,000, sai 2,592,000, jimla 6,552,000. Tsakanin fassarar farko da ta ƙarshe akwai naira 1,152,000. Ƙanena ta farko ya ji a kunnensa. Ina da yaƙinin Alhaji ta ƙarshe yake nufi, kuma ba wanda ya yi wa wani ƙarya.

Maganin wannan mai sauƙi ne har ya ba da mamaki: a bar maganar kashi, a rubuta adadin kuɗin kowace shekara da lamba da kuma kalmomi. In mai shago ya ƙi, ya ce shi farashin kasuwa yake so, to a rubuta cewa in ba a daidaita ba cikin kwana talatin, ƙwararren mai kimanta kadarori mai rajista, wanda ɓangarorin biyu suka yarda da shi, zai yanka, kuma a sa iyakar da ƙarin ba zai tsallake ba. Sai wani ɗan layi da kusan kowa ke mantawa: a ce wajen kimantawa ba za a lissafa gyaran da ɗan haya ya yi da kuɗinsa ba. In babu wannan layin, tayil ɗinka da gilashinka su ne za su ɗaga darajar shagon, a ƙara maka haya saboda su, ka biya abu ɗaya sau biyu.

Kuɗin hidima ma ƙarin haya ne da ya sauya riga. A filazoji ana karɓar na maigadi, na shara, na man janareta, na fitilun waje. In takarda ta ce za ka biya "kason da mai kula da gini ya ƙayyade," ka buɗe aljihu ka ba wani ya riƙe. A faɗi kasonka, misali ɗaya bisa yawan shagunan, a faɗi abubuwan da kuɗin ya ƙunsa, a kuma ce za a nuna lissafi da rasit duk shekara.

Saura gyara, kuma wannan ba a karanta shi a zaune. Bayan la'asar muka hau babur ɗin ƙanena muka tafi ganin shagon. Fenti sabo fil, fari tas, har yana ɗaukar ido. Na kunna fitilar waya na haska silin a karkace. A kusurwar baya ta hagu sai ga wani zobe mai ruwan ƙasa, girman faranti, yana leƙowa ta ƙarƙashin fentin. Na danna wurin da sandar tsintsiya, ya lotsa kamar biredi. Muka hau sama muka duba: banɗakin hawa na ɗaya yana daidai kan wannan kusurwa. A ƙasan bango kuma, kamar taƙi ɗaya daga daɓe, filasta ta kumbura tana fitar da farin gari kamar kanwa, alamar damshi yana hawowa daga ƙasa. Wanda ya kama shago da rani bai san halinsa ba. Na shiga wurin maƙwabcinsa mai sayar da labule, muka gaisa, na tambaye shi yadda suke kwashewa da ruwan Agusta. Ya yi dariya ya nuna min bulo biyu da ya ɗora kowane dila a kai.

Ga abin da takarda ta ce: ɗan haya zai "riƙe wurin cikin kyakkyawan gyara," ya kuma mayar da shi haka ranar fita. Ba a ce cikin shago kawai ba. Ba a cire rufi da bango da tushe da bututun da ke bi ta cikin gini ba. A fahimtar da kotuna suka gada daga dokar Ingila, wanda ya yi alkawarin riƙe abu cikin gyara, in ya same shi a lalace, yana iya zama wajibinsa ya fara gyara shi tukuna. Wato bututun banɗakin da ƙanena bai taɓa shiga ba zai iya zama nasa, kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi. Ku kuma tuna sharaɗin nan na shafi na huɗu, cewa sai wanda ya cika dukkan sharuɗɗa zai sabunta. Silin da ya ruɓe ya isa hujjar hana shi. A nan ne za ka ga sassan uku ashe igiya ɗaya ce: gyaran da ba ka yi ba ya kashe maka sabuntawa, gyaran da ka yi kuma ya ɗaga maka haya.

Abin da muka nema a rubuta shi ne rabo bayyananne. Mai shago ya ɗauki rufi, ginshiƙai, bangon waje, magudanar ruwa, da manyan bututu da wayoyin da ke hidima wa ginin duka. Ɗan haya ya ɗauki ciki: fenti, ƙwan fitila, makullai, gilashi, da duk abin da shi ko yaransa suka lalata. A cire tsufan da amfani na yau da kullum ke kawowa, domin daɓen da aka taka shekara biyar ba zai koma sabo ba. A kuma ƙara cewa in aka sanar da mai shago a rubuce bai gyara nasa ba cikin kwana goma sha huɗu, ɗan haya zai iya gyarawa ya cire daga hayar gaba, da rasit. Kada ka yi wannan cirewar da ka in takarda ba ta ba ka dama ba, don za a iya lissafa maka ita a matsayin bashin haya.

Muka ɗauki hotuna wajen ashirin: silin, bangon, ƙofa, da lambar da mitar wuta ke nunawa. Aka buga su, aka maƙala a bayan yarjejeniyar a matsayin shaidar yadda aka karɓi wuri, kowa ya sa hannu a kan kowane shafi. Mitar ma mun sa an bincika ko akwai tsohon bashi a kanta, domin bashin wuta yakan zauna a kan mita ya jira wanda ya shigo.

Gobara da ambaliya su ne abin da ba a son ambata ranar farin ciki, amma duk wanda ya ga Kasuwar Sabon Gari bayan gobarar Maris 2016, ko Kantin Kwari da ruwa ya shiga a Agustan 2022, ya san ba tatsuniya ba ce. In takarda ta yi shiru, kuɗin da ka biya gaba ba lallai ya dawo ba don shago ya ƙone, alkawarin gyara marar iyaka kuma yana iya jawo a ce kai za ka sake ginawa. Layi biyu sun isa: in wurin ya zama ba ya amfanuwa ba da laifin ɗan haya ba, haya ta tsaya har a gyara, in an wuce wata uku ba a gyara ba, yana iya fita a mayar masa da ragowar kuɗinsa. A fayyace kuma cewa inshorar gini ta mai gini ce, ta kaya ta mai kaya.

Ranar Litinin ba a sa hannu ba. Ƙanena ya kai takardar wurin lauya nasa na kansa, ya biya kuɗin da bai kai na takalma ƙafa biyar ba, aka zuba gyare-gyaren cikin harshen da ya dace. Lauyan ya ƙara da abin da ni ban kawo ba: ya nemi ganin takardar da ke nuna wanda zai sa hannu shi ne mai ginin ko wakilinsa na halak, ya kuma ja kunne cewa hayar da ta haura shekara uku tana da nata ƙa'idojin na hatimi da rajista, har da neman amincewar gwamna a ƙarƙashin Dokar Amfani da Ƙasa ta 1978, don haka in an zo sabuntawa a dawo wurinsa.

Dillali ya ji haushi, ya ce shi bai taɓa ganin mai takalma da fi'ili irin wannan ba. Alhaji kuwa da aka kai masa, ya sa tabarau ya karanta a tsanake. Ya yarda da rabon gyara, ya sa aka canza bututun kafin a shiga. Ya yarda a rubuta kuɗi da lamba, amma ya tsaya a kan fassara ta biyu, ta 6,300,000, ya ce ko sisi ba zai sauko ba. Maganar cire kuɗin gyara daga haya ya ƙi ta sam, sai dai ya amince kuɗin ajiya zai dawo cikin kwana talatin da miƙa mukulli. Aka sa hannu ranar Alhamis. Mai kayan wayar da aka ce yana jira, har yau ba mu ga ƙeyarsa ba.